Yadda ake lissafin teburin gasar ƙwallon ƙafa da raba gardama idan maki ya zo ɗaya

Teburin gasa shi ne jerin ƙungiyoyin da ke fafatawa a gasa ɗaya, daga wadda ke kan gaba har zuwa ta ƙarshe, bisa sakamakon wasannin da suka buga. Da shi ake sanin wadda ta ɗauki kofi, da waɗanda za su haye zagaye na gaba, da waɗanda za su faɗa ƙaramar gasa. Ginshiƙinsa maki ne. Sai dai maki kaɗai ba ya raba gardama kullum, domin sau da yawa ƙungiyoyi biyu ko uku kan kammala wasanninsu da maki iri ɗaya. A nan ne sauran alƙaluman da ke gefe suke shigowa, kuma tsarin da aka bi wajen duba su, wanne ne farko wanne ne na biyu, shi ke yanke hukunci. Sakamakon wasanni ɗaya na iya ba da zakara biyu daban idan aka canza wannan tsari.

A talabijin da wayar hannu, teburin kan zo da haruffan Turanci a saman kowane layi. P na nufin yawan wasannin da aka buga, W waɗanda aka ci, D waɗanda aka tashi canjaras, L waɗanda aka sha kashi. GF ƙwallayen da ƙungiya ta zura ne, GA kuma waɗanda aka zura mata. GD shi ne bambancin da ke tsakanin biyun, wato rarar ƙwallaye, sai Pts a ƙarshe, wato maki. Daga cikin waɗannan takwas, biyar ne kawai ake ɗauko su daga fili: nasara, canjaras, rashin nasara, ƙwallayen da aka ci da waɗanda aka sha. Sauran ukun lissafi ne ke fitar da su.

Maki uku, ɗaya da babu

A yau nasara maki uku ce, canjaras maki ɗaya ga kowane ɓangare, wanda aka doke kuwa ba ya samun komai. Ƙungiyar da ta ci wasa 20, ta yi canjaras 10, aka doke ta a 8, tana da maki 70: sittin daga nasarori, goma daga canjaras.

Ba haka aka faro ba. Gasar lig ta farko a duniya ita ce ta Ingila, wadda aka kafa a 1888 da ƙungiyoyi 12, kuma maki biyu take ba wanda ya yi nasara. An shafe sama da shekara casa'in a haka. Aibin tsarin shi ne canjaras ya yi tsada, tunda rabin nasara ne cif. Ƙungiyar da ta je waje ta tare gida ta tashi babu ci ta samu rabin abin da za ta samu da ta buɗe wasa ta yi kasada. Ingila ta koma maki uku a 1981, bisa shawarar da Jimmy Hill ya daɗe yana bayarwa. FIFA ta yi amfani da sabon tsarin a gasar cin kofin duniya ta 1994, daga nan kuma ya zama ruwan dare.

Bambancin ya fi fitowa da ƙaramin misali. Ƙungiya ɗaya ta buga wasa huɗu, ta ci biyu, aka ci ta biyu. Wata kuma ta yi canjaras a duka huɗun. A tsohon lissafi kowacce tana da maki huɗu. A sabon lissafi ta farko tana da shida, ta biyu na nan a kan huɗu. A kakar 1994/95 Blackburn Rovers ta lashe Firimiyar Ingila da maki 89, bayan ta ci wasa 27 ta yi canjaras 8, Manchester United kuma ta tsaya a 88 da nasara 26 da canjaras 10. Da tsohon lissafi aka bi, kowaccensu za ta tashi da maki 62, United kuma ta fi rarar ƙwallaye. Ba hujja ba ce cewa an zalunci kowa, don da ƙa'idar ta bambanta, da salon wasan ma ya bambanta. Amma ya nuna cewa ko makin kansa zaɓi ne da mutane suka zauna suka yi.

Rarar ƙwallaye da abin da ta gada

Rarar ƙwallaye ita ce abin da ya rage idan aka ɗebe ƙwallayen da aka sha daga waɗanda aka ci. Wadda ta ci 50 aka ci ta 35 tana da +15. Wadda ta ci 30 aka ci ta 42 tana da −12, wato bashi ne a kanta. A yawancin manyan gasanni, ciki har da Firimiyar Ingila da Bundesliga ta Jamus, ita ake fara dubawa idan maki ya zo ɗaya. Fitaccen misali shi ne na 2012, lokacin da Manchester City da Manchester United suka gama da maki 89 kowacce. City ta ci 93 aka ci ta 29, rararta +64. United ta ci 89 aka ci ta 33, tata +56. Ƙwallon da Sergio Agüero ya ci QPR a mintunan ƙarshe ita ta kawo City kan maki 89, amma waɗannan ƙwallaye takwas na rara su suka ba ta kofin.

Kafin wannan tsari, rabawa ake yi ba ɗebewa ba: a raba ƙwallayen da aka ci da adadin waɗanda aka sha, wadda ta fi babban sakamako ta hau sama. A 1924 Huddersfield Town da Cardiff City sun tashi da maki 57 kowacce. Huddersfield ta ci 60 aka ci ta 33, rabon ya ba da 1.818. Cardiff ta ci 61 aka ci ta 34, nata ya ba da 1.794. Huddersfield ta ɗauki kofin. Da matakan raba gardama na yau aka bi a kan waɗannan maki 57, duka biyun rararsu +27 ce, kuma Cardiff ce za ta yi nasara saboda ta fi zura ƙwallo da guda ɗaya.

Lissafin rabawa yana da lahani babba. Ƙungiya mai ƙarfi na iya cin wasa amma alƙaluminta ya ragu. Wadda ta ci 10 aka ci ta 5 tana kan 2. Idan ta ci wasa na gaba 3-2, ta koma 13 da 7, wato kusan 1.86. Saboda haka tsarin ya fi ladabtar da wanda aka zura wa ƙwallo fiye da yadda yake saka wa wanda ya zura, sai ya koya wa ƙungiyoyi noƙewa. Gasar cin kofin duniya ta koma rarar ƙwallaye a 1970, Ingila ta bi sahu a 1976.

Idan rarar ma ta zo ɗaya, mataki na gaba a irin waɗannan gasanni shi ne yawan ƙwallayen da aka ci. Da shi Arsenal ta karɓe kofin Ingila daga hannun Liverpool a 1989, bayan ta doke ta 2-0 a Anfield a wasan ƙarshe: maki 76 kowacce, rara +37 kowacce, amma Arsenal ta ci 73, Liverpool 65.

Rukunin Nijeriya a 1994

Rukunin D na gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka ya dace da koyon wannan lissafi, domin kusan kowane mataki ya yi aiki a cikinsa. Ƙasashe huɗu ne: Nijeriya, Bulgeriya, Ajantina da Girka. Ajantina ta lallasa Girka 4-0. Nijeriya ta doke Bulgeriya 3-0, da ƙwallayen Rashidi Yekini da Daniel Amokachi da Emmanuel Amuneke. A zagaye na biyu Ajantina ta ci Nijeriya 2-1, Bulgeriya ta ci Girka 4-0. Ranar 30 ga Yuni aka buga wasanni biyu na ƙarshe: Nijeriya ta ci Girka 2-0, Bulgeriya kuma ta ci Ajantina 2-0. Ga yadda teburin ya tsaya:

```
           P  W  D  L  GF  GA   GD  Pts
Nigeria    3  2  0  1   6   2   +4    6
Bulgaria   3  2  0  1   6   3   +3    6
Argentina  3  2  0  1   6   3   +3    6
Greece     3  0  0  3   0  10  -10    0
```

Ƙasashe uku da maki shida-shida, kowacce ta doke Girka, kuma sun ci juna a zagaye: Nijeriya ta ci Bulgeriya, Bulgeriya ta ci Ajantina, Ajantina ta ci Nijeriya. Ƙa'idar gasar ta ce a fara da rarar ƙwallaye. Nan take Nijeriya ta fita daga cikin gardamar da +4, ta zama ta ɗaya. Saura biyu, kowacce +3. Aka duba yawan ƙwallaye, kowacce shida. Sai aka koma kan wasan da suka buga tsakaninsu, wanda Bulgeriya ta ci, ta zama ta biyu, Ajantina ta sauka ta uku duk da cewa ita ce ke saman teburin kafin a take ƙwallo a ranar.

Abin lura shi ne ƙwallo ta biyu da Nijeriya ta ci Girka. Finidi George ya ci ta farko, Amokachi kuma, ɗan Kaduna, ya ci ta biyu a cikin mintunan da alƙali ya ƙara a ƙarshen wasa. Ta fuskar maki ƙwallon ba ta ƙara komai ba, domin 1-0 ma maki uku ne. Amma da ba a ci ta ba, Nijeriya za ta tsaya a ƙwallo biyar da rara +3, daidai da sauran biyun a rara, ƙasa da su a yawan ƙwallaye. Ke nan daga ta ɗaya za ta zame zuwa ta uku. Wannan ne dalilin da ya sa koci mai lissafi ba ya barin 'yan wasansa su kwanta da zarar sun ga nasara ta tabbata a wasan rukuni. Ko zama ta ɗayan ya yi wa Nijeriya rana, wannan wata magana ce daban, tunda shi ya haɗa ta da Italiya a zagaye na gaba, inda aka fitar da ita da ci 2-1.

Ɗaya hanyar: abin da ya gudana tsakaninsu

Wasu gasanni ba sa fara duba rarar ƙwallaye. Abin da suke tambaya shi ne: su waɗannan da suka yi kankankan, da suka haɗu, wa ya ci wa? La Liga ta Sifaniya haka take yi, haka ma wasannin rukuni na gasar cin kofin nahiyar Afirka da ta nahiyar Turai. A kakar 2006/07 Real Madrid da Barcelona sun gama da maki 76 kowacce. Rarar Barcelona +45 ce, ta Madrid +26, tazara ba kaɗan ba. Amma Madrid ta ci 2-0 a gida, aka tashi 3-3 a Camp Nou, sai kofin ya tafi Madrid. Da a Ingila ne, Barcelona ce zakara ba tare da musu ba.

Masoya ƙwallo a Nijeriya sun ɗanɗana wannan ƙa'ida a wasannin neman gurbin kofin duniya na 2006. Nijeriya da Angola sun kammala wasa goma-goma da maki 21 kowacce. Nijeriya ta ci ƙwallo 21 aka ci ta 7, Angola ta ci 12 aka ci ta 6. Sai dai Angola ta yi nasara 1-0 a Luanda a 2004, sannan a watan Yunin 2005 aka tashi 1-1 a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, bayan Jay-Jay Okocha ya fara ci Angola ta farke. Tun daga ranar, ƙwallaye sun daina amfani ga Nijeriya, abin da take buƙata shi ne ta wuce Angola a maki. A ranar ƙarshe ta zazzaga wa Zimbabwe 5-1 a Abuja, amma Angola ta ci Ruwanda 1-0 a Kigali, ita ce kuma ta tafi Jamus.

Idan ƙungiyoyi uku ne suka yi daidai, ana zana musu ƙaramin teburi nasu su kaɗai, a jefar da duk wasan da suka buga da sauran. A gwada da rukunin 1994. Idan aka cire wasannin Girka, kowacce tana da maki uku. Nijeriya ta ci huɗu aka ci ta biyu, +2. Bulgeriya ta ci biyu aka ci ta uku, −1, Ajantina ma haka. Jerin bai canza ba, amma dalilin ya canza: a wannan tsari ƙwallon Amokachi a ragar Girka ba ta da wani tasiri, ƙwallaye ukun da aka ci Bulgeriya su ne komai. A gasar Turai ta 2004 irin wannan ƙaramin teburi ne ya kori Italiya ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Ita da Suwidin da Denmak sun samu maki biyar-biyar, kuma duk wasannin da ke tsakaninsu canjaras ne: Denmak da Italiya 0-0, Italiya da Suwidin 1-1, Denmak da Suwidin 2-2. Maki ɗaya, rara ɗaya, sai yawan ƙwallaye ya raba: Suwidin uku, Denmak biyu, Italiya ɗaya.

A nan akwai wurin da masu shirya gasa kan yi tuntuɓe. Idan ƙaramin teburin ya fitar da ƙungiya ɗaya ya bar biyu a ɗaure, dole ƙa'ida ta faɗi abin da za a yi: ko a sake farawa daga sama da waɗannan biyun kaɗai, ko a ci gaba zuwa mataki na gaba. Hanyoyin biyu na iya ba da sakamako daban, kuma ƙa'idar da ta yi shiru a kan wannan ta bar ƙofar rigima a buɗe.

Inda kowane tsari ke da rauni

Rarar ƙwallaye tana auna kaka gaba ɗaya, kuma kowa na iya karanta ta a teburi ba tare da ya binciko tsofaffin sakamako ba. Rauninta shi ne ƙwallon da aka ci ƙungiyar da ta riga ta saduda darajarta ɗaya da wadda aka ci abokin hamayya, sannan ana iya sayen ta. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa gasar da ke sama da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine suna kankankan a maki, rarar ƙwallaye ce za ta raba su. Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine ta ci Babayaro 67-0, kusan duka ƙwallayen bayan hutun rabin lokaci. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasan da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada.

Duba karawar tsakani yana toshe wannan ɓarakar, tunda ba za a iya gyara sakamakonta da ruwan ƙwallaye a ragar wani ba. Amma ita ma tana da nata. Tana ɗora nauyin kaka guda a kan wasa ɗaya ko biyu, tana kashe wasannin ƙarshe da wuri, kuma a gasar gida da waje ba ta kammala sai an buga karawa ta biyu, don haka teburin tsakiyar kaka na iya yaudarar mai karatu. Haka nan tana ba ƙungiyoyi biyu damar sanin ainihin sakamakon da zai fisshe su duka, kamar yadda aka san tun kafin wasa cewa 2-2 zai wadatar da Denmak da Suwidin. Ga doguwar gasa mai wasa 38, rarar ƙwallaye ta fi adalci. Ga rukuni mai ƙungiya huɗu da ɗaya daga ciki ba ta da ƙarfi ko kaɗan, karawar tsakani ta fi.

Matsalar sanin sakamako tun da wuri ta sa ake buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci ɗaya. A kofin duniya na 1982 Aljeriya ta gama wasanninta kwana ɗaya kafin Jamus ta Yamma da Ostiriya su kara a Gijón. Ƙasashen biyu sun shiga fili da sanin cewa nasarar Jamus da ƙwallo ɗaya ko biyu za ta wuce da su duka. Jamus ta ci ɗaya da wuri, wasan ya mutu a nan, Aljeriya ta koma gida saboda rarar ƙwallaye.

Idan komai ya zo ɗaya

Wani lokaci alƙaluman fili kan ƙare gardama ba ta rabu ba. A kofin duniya na 2018, Senegal da Japan sun tashi da maki huɗu-huɗu, kowacce ta ci huɗu aka ci ta huɗu, wasan tsakaninsu kuma 2-2. Sai aka koma ga katunan da alƙalai suka ɗaga. A lissafin FIFA katin gargaɗi yana rage maki ɗaya, jan katin da ya biyo bayan gargaɗi biyu uku, jan kati kai tsaye huɗu, gargaɗi sannan jan kati kai tsaye biyar. Japan tana da katin gargaɗi huɗu, Senegal shida, sai Japan ta wuce. Da Japan ta ji cewa Kolombiya na cin Senegal, sai ta shafe mintunan ƙarshe tana juya ƙwallo a bayanta alhali Polan na cin ta 1-0, don kada a ƙara mata ƙwallo ko kati.

Bayan kati sai ƙuri'a. A kofin Afirka na 2015 Gini da Mali kowacce ta buga wasa uku, duka ukun 1-1. Aka jefa ƙuri'a a Malabo, ta faɗa kan Gini, Mali ta tattara kayanta. Wasu gasannin sun gwammace a sake buga wasa guda na raba gardama, musamman idan kofi ne ko faɗuwa ake magana.

Haɗa teburin a kwamfuta

Sakataren gasar unguwa ko ta makarantu na iya haɗa duk wannan a Excel ko makamancinsa. A sa sunan ƙungiya a layin A, sannan P, W, D, L, GF, GA, GD da Pts su bi daga B zuwa I. Abin da za a riƙa shigarwa da hannu shi ne C zuwa G kawai. Sauran ukun ga su, na B2 da H2 da I2 a jere:

```
=C2+D2+E2
=F2-G2
=C2*3+D2
```

Jerantawa ita ce mai ɗan wuya, domin ana son kwamfutar ta duba maki, sannan rara, sannan yawan ƙwallaye. Dabarar da aka saba ita ce a dunƙule ukun su zama lamba ɗaya a J2, kowanne da nauyinsa, sannan K2 ya fitar da matsayi:

```
=I2*1000000+(H2+500)*1000+F2
=RANK(J2,$J$2:$J$5,0)
```

Ana ninka maki da miliyan ne don kada rara, komai yawanta, ta kai darajar maki guda. Ana ninka rara da dubu don kada yawan ƙwallaye ya haura kanta. Ɗari biyar ɗin da aka ƙara tana hana rarar da ke ƙasa da sifili ta ci wani abu daga gurbin maki, sai lambar ta karantu da ido. A rukunin 1994 Nijeriya za ta fito da 6504006, Bulgeriya da Ajantina 6503006 kowacce, Girka 490000.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙaramin nauyi. Wanda ya ninka maki da goma kawai ya ɗora rara a kai zai ga ƙungiya mai maki 39 da +5 ta fito da 395, ta hau kan mai maki 40 da −12 wadda ta fito da 388. Alamar wannan ciwo a bayyane take: duk inda aka ga mai ƙaramin maki a saman mai babba, nauyin ne bai isa ba. Kuskure na biyu shi ne mantawa da alamar $ a cikin RANK, wanda ke sa iyakar jerin ta riƙa zamewa ƙasa idan aka kwafi lissafin zuwa sauran layuka, har a samu ƙungiyoyi da yawa a matsayi na ɗaya.

Wannan dabara tana da iyaka. A misalin da ke sama RANK zai ba da 1, 2, 2, 4, babu ta uku, domin lambar ba ta san cewa Bulgeriya ta doke Ajantina ba. Karawar tsakani ba ta cikin layin kowace ƙungiya, tana cikin jerin sakamakon wasanni. A ƙaramar gasa abin da ya fi sauƙi shi ne a bar kwamfuta ta nuna inda aka ɗaure, sannan a zana ƙaramin teburin da hannu.

Kafin a liƙa teburi a allo, akwai gwaji huɗu da ke tona kuskuren shigar da sakamako. Jimlar W dole ta yi daidai da jimlar L, tunda duk wasan da wani ya ci wani ne ya sha kashi. Jimlar D dole ta rabu biyu ba saura. Jimlar GF dole ta yi daidai da ta GA, saboda haka rarar duka ƙungiyoyi idan aka haɗa sifili ce: a rukunin 1994, huɗu da uku da uku sun ba da goma, Girka ta cinye su. Na huɗu, jimlar maki ita ce yawan wasanni sau uku, a ɗebe ɗaya a kan kowane wasan da aka yi canjaras. Wasa shida babu canjaras, maki 18 ke nan. Abin da kawai ke karya wannan gwaji na ƙarshe ba tare da kuskure ba shi ne hukuncin rage maki, wanda ya kamata a ba shi layinsa daban a kuma rubuta dalilinsa a ƙasan teburi.

Sakamakon da aka bayar a ofis shi ma yana shiga lissafi kamar wanda aka buga. A 2017 Nijeriya da Aljeriya sun tashi 1-1 a wasan neman gurbin kofin duniya, amma FIFA ta mayar da shi 3-0 ga Aljeriya saboda Nijeriya ta sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa. Maki ɗaya ya fita daga hannun Nijeriya, rararta ta ragu da uku, sa'arta ɗaya ta riga ta samu gurbin. A gasar unguwa, inda rashin zuwa fili ya zama ruwan dare, irin wannan 3-0 na iya ɗaga wata ƙungiya sama da wadda ta yi gumi ta ci 1-0. Don haka kwamitin shirya gasa ya rubuta jerin matakan raba gardama, da hukuncin wanda bai zo ba, da makomar sakamakon ƙungiyar da ta janye a tsakiyar gasa, ya kuma sa shugabannin ƙungiyoyi su sa hannu tun kafin a buga wasan farko.